Magungunan fitsari biyu sun sauke kumburin Mama, amma ƙarfinta ya tafi

Likita, mahaifiyata tana da shekara 68, an ce zuciyarta ta yi rauni saboda daɗewar hawan jini. Tana shan Lasis miligiram 40 safe da yamma, lisinofiril 5, da digoksin 0.125. Da ƙafafunta suka ƙi saɓewa sai aka ƙara mata haidurokulorotayazaid 25 kullum, yau kwana goma sha biyu. Kumburi ya sauka, nauyinta ya dawo kilo 68 daga 74. Amma ba ta da ƙarfi, jiri take ji in ta miƙe, ƙafafunta na ɗaurewa da dare, zuciyarta na tashi, jiya har ta ɗan ruɗe a magana. Gwajin jini ya nuna sodiyam 127, fotasiyam 3.0. Ranar komawarmu asibiti sai nan da sati uku. 'Yan'uwa sun ce tunda gishirin jikinta ya yi ƙasa a ƙara mata gishiri a miya, a dama mata kunun kanwa, a ba ta ayaba. Me ya sa aka haɗa mata magunguna biyu masu aiki ɗaya? Wanne zan tsayar?

Malama, Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da wannan kulawa. Kada ki jira sati ukun nan. Ki ɗauki takardar gwajin da duk kwalayen magungunanta, har da waɗanda aka sayo a kemis, ki kai ta asibiti yau, ko da ta sashen gaggawa ne. Kafin likita ya gan ta, kada ki sake ba ta ƙwayar da aka ƙara mata daga baya, kuma ki dakata da digoksin, ƙwayar ƙarfafa bugun zuciya. Sauran magungunan ki bar wa likitan da zai auna jininta ya saurari ƙirjinta. Gishiri da kanwa kuwa kada ko ɗaya ya shiga, zan zo kan dalili.

Lasis da haidurokulorotayazaid duk suna sa fitsari, amma ba wuri ɗaya suke kamawa ba. Ƙoda tana tace ruwa mai yawan gaske daga jini, wajen lita 180 a kwana ga mai lafiya, sai ta tura shi cikin ƙananan bututu, ta riƙa tsotse gishiri da ruwa tana mayarwa jini, har abin da zai fita fitsari ya rage lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki ɗauka kamar magudanar ban ruwa ce mai mashiga da yawa a gefenta, kowace mashiga tana janye nata kason. Lasis, wanda ainihin sunansa furosemaid, yana toshe babbar mashiga, a wani lanƙwasasshen sashe da ake kira lanƙwasar Henle, inda ake mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin da aka tace. Shi ya sa yake da ƙarfi, kuma shi ne tushen maganin kumburi a gazawar zuciya. 'Yan gidansu su ne bumetanaid da torsemaid; miligiram 40 na furosemaid ta baki ya yi daidai da 1 na bumetanaid ko 20 na torsemaid. Dangin tayazaid, wato irin wanda aka ƙara wa Mama da bendurofulumetayazaid da indafamaid, da metolazon mai aiki irin nasu, suna toshe ƙaramar mashiga da ke ƙasa da waccan, wadda kasonta bai wuce biyar zuwa bakwai cikin ɗari ba. In an sha su su kaɗai, maganin hawan jini ne mai sauƙin aiki, ba sa sauke babban kumburi, kuma ƙarfinsu na raguwa idan ƙoda ta yi rauni sosai.

Sun kuma bambanta a lokaci. Ƙwayar Lasis tana fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ta gama cikin awa shida. Tayazaid yana tashi a hankali, ya yi rabin yini ko fiye yana aiki, metolazon kuma yakan kai kwana guda.

Dalilin haɗa su shi ne wannan. Idan mutum ya daɗe yana shan Lasis, gishirin da ya kuɓuce wa babbar mashiga yana kwarara zuwa ƙaramar, ita kuma a hankali sai ta yi kauri ta ƙara ƙarfi, ta riƙa kama abin da ya kamata ya fita. Sai a ga ana shan magani amma kumburi yana nan. Idan aka zo aka toshe ƙaramar mashigar da tayazaid a kan Lasis, ba abin da ya rage ya tare gishirin, fitsari sai ya ɓalle. Don haka likitan da ya haɗa mata su yana da hujja, dabara ce sananniya. Sai dai dabara ce ta 'yan kwanaki, ko ta sau biyu zuwa uku a sati, da awon nauyi kullum da gwajin jini cikin kwana uku zuwa biyar da farawa. Inda aka samu matsala shi ne barin dattijuwa tana shan duka biyun kowace rana har kusan sati biyu, da ranar dawowa mai nisa. Na fi damuwa da wannan tazarar fiye da zaɓin maganin kansa.

Kilo shida a kwana goma sha biyu rabin kilo ne a rana, kuma wannan saurin bai wuce ƙima ba ga mai kumburi. Abin tambaya shi ne ko an tsaya lokacin da ruwan da ya taru ya ƙare. Da zarar ƙafa ta saɓe, maganin ba ya sanin aiki ya ƙare, sai ya ci gaba da ɗiba daga ruwan da ke cikin jijiyoyin jini. Jirin da take ji in ta miƙe alamar haka ce. A asibiti za a auna jininta tana kwance, a sake aunawa bayan ta yi minti ɗaya zuwa uku a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, an bushe ta. Za a duba yuriya da kiriyatinin, waɗanda ke hawa idan jini bai isa ƙoda ba. Ki nemi a yi su tare da maimaita sodiyam da fotasiyam, kuma a haɗa da magnisiyam in ɗakin gwajin yana yi.

Sodiyam na mai lafiya yana tsakanin 135 da 145. Lambar 127 ba tana nufin jikin Mama ya rasa gishiri kawai ba ne. Abin da gwajin ke aunawa shi ne yawan gishiri a cikin kowace litar ruwan jini, saboda haka lambar tana faɗuwa ta hanya biyu: ko gishiri ya fita, ko ruwa ya yi yawa ya tsinka shi. Mai gazawar zuciya wanda ƙafafunsa suka cika da ruwa yana iya samun 127 alhali gishirin da ke jikinsa ya fi na mai lafiya yawa, domin jikin yana sakin wani sinadari mai hana zubar da ruwa zalla. A irin wannan mutum, ƙarin gishiri ƙarin kumburi ne da ruwa a huhu. Maganinsa rage shan ruwa zuwa lita ɗaya da rabi ko ƙasa, bisa umarnin likita, da ci gaba da Lasis.

Tayazaid yana da laifi na musamman a nan, wanda Lasis ba shi da shi sosai. Sashen da yake toshewa shi ne inda ƙoda ke cire gishiri daga fitsari ta bar ruwa zalla ya fita. In an toshe shi, ƙoda ta rasa ikon yin fitsari mai tsinki, sai gishiri ya riƙa fita, ruwan da aka sha kuma ya zauna. Lasis kuwa yana rage ikon ƙoda na riƙe ruwa, fitsarin da yake sa a yi ruwansa ya fi gishirinsa yawa, don haka ba kasafai yake faɗar da sodiyam ba. Waɗanda tayazaid ya fi yi wa haka su ne tsofaffi, musamman mata marasa jiki, kuma yawanci cikin sati biyu na farko. Mama ta cika mafi yawan sharuɗɗan nan. Ga ƙishirwar da magungunan ke jawowa, mutum ya riƙa kwankwaɗar ruwa da shayi ba ya cin abinci sosai, lambar ta ƙara yin ƙasa. Tashin zuciya, ciwon kai, ruɗewa da tangaɗi alamunsa ne. In ya sauka ƙasa da 120 ana iya samun jijjiga da suma.

Gyaransa ba aikin gida ba ne, saboda ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da wannan ƙarancin cikin kwanaki. Idan aka ɗaga sodiyam da sauri, fiye da 8 zuwa 10 a kwana guda, ana iya lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa, lalacewar da kan bayyana bayan 'yan kwanaki da shanyewar jiki ko kasa haɗiya da magana. Haɗarin ya fi yawa ga wanda fotasiyam ɗinsa ma ke ƙasa, kuma fotasiyam ɗin da za a ba ta shi ma yana ɗaga sodiyam. Sau da yawa tsayar da tayazaid kaɗai ya isa lambar ta fara hawa. In an tabbatar ta bushe, za a iya yi mata ƙarin ruwa kaɗan kaɗan ana sauraron huhu, ana maimaita gwaji. Kada ki yarda a ɗaura mata ruwa a gida ko a kemis: leda biyu na ruwan gishiri da aka saki da gudu sun isa su cika huhun mai raunin zuciya.

Kanwa tana buƙatar magana ta daban, don mutane da yawa suna zaton fotasiyam ce. Mafi yawan abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne. Likitocin Zariya sun daɗe da rubuta alaƙar kunun kanwa da wankan jego da kumburin zuciya a mata masu jego, tun shekarun 1970. Ga mai raunin zuciya, kunun kanwa nauyi ne a kan zuciyar, kuma yana iya ƙara faɗar da fotasiyam, domin yana ƙara wa jini irin canjin da magungunan fitsari suka riga suka jawo.

Fotasiyam ne ya sa na ce yau, ba gobe ba. Lambar mai lafiya 3.5 zuwa 5.0 ce, amma ga mai ciwon zuciya ana son ta zauna tsakanin 4.0 da 5.0. Duka magungunan biyu suna zubar da shi ta hanya ɗaya: gishirin da suka hana a tsotse yana isa ƙarshen bututun, a nan ƙoda ke ƙoƙarin ceto shi ta hanyar musanya, ta karɓi sodiyam ta ba da fotasiyam. Idan jiki ya bushe sai sinadarin aldositeron ya ƙaru, musanyar ta ƙara zafi. Kasala da ɗaurewar ƙafa su ne abin da ido ke gani. Abin da ba a gani shi ne bugun zuciya, wanda kan rikice ba tare da gargaɗi ba.

Ga kuma digoksin. Shi da fotasiyam wuri ɗaya suke kamawa a jikin naman zuciya; in fotasiyam ya ragu, digoksin ya samu fili, ƙwayar da take daidai jiya ta zama guba yau. Ta ƙoda yake fita, don haka in bushewa ta rage aikin ƙodar sai ya taru. Tashin zuciya, ƙin abinci, ruɗewa, ganin abubuwa sun yi rawaya ko fitila ta yi zobe, da bugun zuciya da ya yi ƙasa ko yake tsallake, su ne alamun gubarsa. Biyu daga ciki suna cikin wasiƙarki. Ba zan iya rabe miki daga nan ko sodiyam ne ya kawo su ko digoksin ba, wannan sai da gwajin bugun zuciya na isiji da na jini.

Ayaba abinci ce mai kyau, amma lissafin ba ya fita. Ayaba matsakaiciya tana ɗauke da wajen milimol 10 na fotasiyam. Mutumin da lambarsa ta kai 3.0 yakan rasa kusan milimol 200 a jikinsa gaba ɗaya, kuma muddin maganin da ke zubarwa yana aiki, abin da aka ci yana bin fitsari. Ƙwayar fotasiyam ta miligiram 600 da aka saba bayarwa milimol 8 ce, shi ya sa za ki ga an rubuta biyu sau biyu ko sau uku a rana na 'yan kwanaki. A sha ta bayan abinci, a zaune, da ruwa, ba a tauna ba a daka, don tana ƙona maƙoshi da ciki. Idan an ba da fotasiyam lambar ta ƙi hawa, kusan kullum magnisiyam ne ya yi ƙasa, sai an gyara shi ƙoda ke daina zubarwa. Bayan an daidaita, wake, alayyafo, zogale, dankali, tumatir, lemu, dabino da ayabar suna taimakawa wajen riƙe lambar, matuƙar ƙodarta na aiki da kyau.

A nan akwai tarko. Da zarar an cire tayazaid, yanayin na iya juyawa. Lisinofiril yana riƙe fotasiyam. Akwai yiwuwar likita ya ƙara mata sifironolakton, miligiram 12.5 zuwa 25 a rana, kuma in ƙodarta ta yarda zan so haka, domin yana toshe musanyar da na ambata, kuma yana cikin magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa a gazawar zuciya mai raunin bugu, abin da ba a tabbatar wa Lasis ba duk da sauƙin numfashin da yake kawowa. Amma lisinofiril da sifironolakton da ƙwayar fotasiyam a haɗe, ba gwaji, suna iya kai lambar sama da 6, wanda shi ma yana tsayar da zuciya. Don haka ki tambaya a fili: ranar nawa za a daina ƙwayar fotasiyam? In an fara sifironolakton, gwajin jini bayan sati ɗaya ne, sannan bayan sati huɗu. In lambar ta wuce 5.5 ana rage shi, in ta wuce 6 ana tsayarwa. Gishirin kanti da ake tallatawa don masu hawan jini fotasiyam ne a cikinsa, kada ya shigo gidan sai likita ya sani.

Ki kuma duba jakar magungunanta ko akwai Modiretik. Ya yaɗu sosai a Najeriya a matsayin maganin hawan jini, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da haidurokulorotayazaid miligiram 50 da amiloraid 5. Tsoho yakan ci gaba da shan tsohon maganinsa a kan sabo ba tare da kowa ya lura ba. Haka wasu ƙwayoyin hawan jini suna zuwa a haɗe da tayazaid 12.5 a ciki.

Kumburin zai iya dawowa, kuma kafin a sake komawa ga tayazaid akwai abubuwan da ake dubawa. Na farko gishirin abinci. Lasis yana aiki awa shida, sauran awannin ƙoda tana ramawa, tana kama duk gishirin da ta samu. In miya ta sha dunƙule uku da gishiri da manda, ga yajin tsire da kilishi da taliyar leda da kifin gwangwani, abin da ya fita da safe ya dawo kafin dare. Ma'aunin shi ne kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, har da wanda ke ɓoye cikin abinci, kuma wajen rabin nauyin dunƙule gishiri ne. A ɗebi miyarta kafin a sa dunƙule, a ƙara mata daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Ba a ce a hana ta gishiri ƙwata ƙwata har ta ƙi abinci ba. Na biyu magungunan ciwon gwiwa da baya: dikulofenak, ibufurofen, firoksikam, da haɗe haɗen da ake ƙulla wa mutane a leda. Suna riƙe gishiri, suna kashe ƙarfin Lasis, kuma tare da lisinofiril suna iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. Farasitamol ya fi aminci.

Na uku yadda ake ba da Lasis ɗin. Yana da wani mataki da sai ya kai shi a ƙoda kafin ya yi aiki. Ƙasa da nan ba ya yin komai. In miligiram 40 ba ta sa fitsari mai yawa cikin awa biyu zuwa uku ba, maimaita 40 sau uku a rana ba zai yi ba, likita ninka ta yake yi zuwa 80 a sha lokaci guda. In kuwa 40 tana aiki amma ruwa na sake taruwa, a nan ne ake ƙara sha na biyu. Shan na biyun da azahar ne, wajen ƙarfe biyu, ba da yamma ba; in ta sha da magariba za ta kwana tana fita, ga tsohuwa mai jiri a cikin duhu, faɗuwa da karayar ƙugu ba su da nisa. Abinci yana rage shigarsa jini, don haka shan safe ya fi kyau kafin karin kumallo. Kimanin rabin ƙwayar ne ke shiga jini, kuma idan hanji ma ya kumbura shigar tana yin jinkiri. Shi ya sa allurar miligiram 20 ta jijiya take daidai da ƙwayar 40, kuma wani lokaci kwana biyu ko uku na allura a asibiti ke buɗe hanyar, a dawo kan ƙwaya ta ci gaba da aiki.

Idan an sallame ku, ki tambayi likita nauyin da yake ɗauka a matsayin nauyinta na ainihi, ba kumburi ba bushewa. Wataƙila zai faɗo wajen kilo 69 ko 70, amma shi zai yanke. Ki sayi sikeli, ki auna ta kowace safiya bayan ta yi fitsari kafin ta ci komai, da kaya iri ɗaya, ki rubuta a littafi tare da magungunan ranar. In nauyi ya hau da kilo 2 cikin kwana uku, ko ta fara neman ƙarin matashi don ta yi barci, ko haki ya tashe ta da dare, ruwa ne ke taruwa, ku koma kafin ƙafa ta nuna. In ya sauka kilo ɗaya ko biyu ƙasa da ainihin, da jiri da bushewar baki, maganin ya yi yawa. Adadin Lasis ba abu ne da ake yankewa sau ɗaya ba: a zafin bazara, lokacin da gumi ke ɗibar nasa kason, abin da ya dace da ita a hunturu yana iya yin yawa. Ranar da take amai ko gudawa ko ta kasa shan ruwa, ki kira asibiti a ranar, domin a irin wannan rana akan dakatar da Lasis da lisinofiril da sifironolakton na kwana ɗaya ko biyu har ta dawo cin abinci. In azumi ya gabato, ku je wurin likitan tun sati huɗu kafin a ga wata, a sake gwajin jini, a duba ko jikinta zai ɗauka da yadda za a sauya lokutan shan maganin. Kuma ki sa a rubuta a katinta cewa tayazaid ya taɓa faɗar mata da sodiyam zuwa 127, don wanda abin ya taɓa samu yakan sake samunsa in aka mayar da shi kan maganin.